Ba hoto ɗaya za ka saya ba: yadda ake odar babban hoton saman shafi

Idan ka buɗe shafin kamfanin waya ko na wani babban kanti a kwamfuta, abin da kake fara gani kusan iri ɗaya ne. Wani faffaɗan hoto ne ya cike saman shafin, kayan da ake tallatawa suna zaune a gefen dama, gefen hagu kuma fili ne da aka rubuta kanun magana a kai, da maɓalli guda a ƙarƙashinsa. Masu zanen shafuka suna kiransa hiro bana, mu kuma a nan bari mu ce masa hoton goshi, tunda a goshin shafi yake zama. Yanzu da matasa a garuruwa irin su Paki da Ikara da Makarfi da Hunkuyi suka fara buɗe wa sana'o'insu da na iyayensu ƙananan shafuka, wannan hoton shi ne abu na farko da ake zuwa nema wajen mai zane. Kuma kusan kullum da jimla ɗaya ake odarsa: "Ka yi mini bana mai kyau, kayan a gefe, a bar wurin rubutu."

Ra'ayina shi ne wannan jimlar ba oda ba ce, fata ce kawai. Wanda zai biya kuɗin aikin shi ya kamata ya faɗi girman filin da lamba, ya hana a manna rubutu a cikin hoton, kuma ya nemi hotuna biyu, na waya da na kwamfuta, na wayar ne ma a gaba. Tsarin nan na kaya a gefe da fili a gefe an ƙirƙire shi ne domin allo mai faɗi, alhali mai sayenka da waya a tsaye zai buɗe shafin.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani matashi ne a Paki, cikin ƙaramar hukumar Ikara, yake saro mazarƙwaila daga yankin Makarfi, inda rake ya yi suna, yana ɗaure ta a leda mai tambari yana aika wa masu saye a Kano da Kaduna da Abuja. Ya samu wani abokinsa a Zariya ya haɗa masa shafi, ya kuma biya mai zane ya yi masa hoton goshi. Mai zanen ya yi abin da aka saba: faɗi fiksel 1920, tsayi 800, faranti cike da mazarƙwaila a dama, daga wajen fiksel na 1250 zuwa na 1800 idan an ƙirga daga hagu. A laftof ɗin mai zane abin ya yi kyau ƙwarai. Aka biya, aka rabu lafiya.

Abin da waya take yi wa hoton

Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a yankinmu, irin ƙananan Tecno da Infinix da itel, allonsu yana da fiksel kamar 720 a faɗi da 1600 a tsayi. Amma burauza ba ta ƙirga su haka. Tana haɗa ɗigo biyu ta ɗauke su a matsayin ɗaya domin kada rubutu ya yi ƙanƙanta, saboda haka a wajen shafin intanet faɗin wayar 360 ne kacal. Wannan lambar, 360, ita ce ya kamata duk mai odar hoton goshi ya riƙe a ka.

To, yaya hoto mai faɗin 1920 zai shiga wuri mai faɗin 360? Hanya biyu ce, kuma kowacce da ɓarnarta.

Ta farko ita ce a ƙanƙance hoton gaba ɗayansa. Faɗin ya koma 360, tsayin ya sauko daga 800 zuwa 150, wato ɗan siririn zare a saman shafi. Farantin da ya ci fiksel 550 ya koma kamar 100, ba ka iya bambance mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli. Idan kuma mai zane ya manna kanun a jikin hoton da haruffa masu girman 64, za su koma 12. Lambar wayar da ya rubuta da girman 32 za ta koma 6, wadda ko mai kaifin ido sai ya ja allon da yatsu biyu kafin ya karanta.

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancin shirye-shiryen shafi na zamani suke bi. Ana ware wa hoton akwati, a ce 360 a faɗi da 400 a tsayi, sai a umarci burauza ta cike akwatin ta yanke abin da ya yi saura. Umarnin da ke yin haka shi ne `object-fit: cover`, kuma idan ba a ce masa komai ba, tsakiyar hoto yake riƙewa. Mu yi lissafin. Domin tsayin 800 ya zama 400, an raba hoton biyu ke nan, faɗinsa ya zama 960. Daga cikin 960 ɗin nan 360 kawai za a gani, na tsakiya. Idan aka mayar da shi ma'aunin asali, abin da ya rage shi ne daga fiksel na 600 zuwa na 1320. Farantinmu kuwa daga 1250 ya fara. Ma'ana, cikin fiksel 550 na kayan, 70 ne kawai suka tsira, bakin faranti ke nan. Mai saye a Abuja ya buɗe shafin mazarƙwaila ya tarar da bango.

Wannan ba mugunta ba ce daga mai zane, ba kuma lalacewar waya ba ce. Tsarin ne da kansa yake ajiye kaya a daidai wurin da waya take fara yankewa. Duk yadda aka ƙara tura kayan gefe domin fili ya yi yawa, haka ake ƙara tabbatar da cewa ba za a gan su a waya ba.

Wanda ya san aiki zai ce ai akwai magani, a gaya wa burauza ta karkata dama da `object-position`. Gaskiya ne. Idan aka sa `object-position: 90% 50%`, abin da za a gani zai koma daga 1080 zuwa 1800, farantin ya shigo cif. Sai dai duba abin da ya faru: filin da ya rage a hagun faranti fiksel 170 ne na asali, wato 85 a kan waya. Kaya sun dawo, wurin rubutu ya tafi. Kanun magana dole ya hau kan mazarƙwailar, baƙin rubutu a kan abu mai ruwan ƙasa. A allo mai tsayi, ba a iya zaunar da kaya da kanu kafaɗa da kafaɗa. Dole ɗaya ya hau sama, ɗaya ya sauka ƙasa, kuma wannan wani hoton ne daban, ba gyaran na farko ba.

Shi ya sa na ce hotuna biyu. Na kwamfuta ya zauna a 1920 da 800, kaya a dama. Na waya ya zama 1080 a faɗi da 1200 a tsayi, wanda zai cike akwatin 360 da 400 ba tare da yanka ba, har a wayoyin da ke haɗa ɗigo uku. A cikinsa kaya suna ƙasa, fili yana sama. Mai haɗa shafi kuma ba wani dogon aiki zai yi ba, layuka kaɗan ne:

```html
<picture>
  <source media="(max-width: 600px)" srcset="waya.webp">
  <img src="kwamfuta.webp" alt="Mazarƙwaila a faranti" fetchpriority="high">
</picture>
```

Burauza za ta duba faɗin allo ta ɗauko ɗaya kawai daga cikinsu, ba ta sauke duka biyun. Idan mai haɗa maka shafi ya ce wannan ba zai yiwu ba, ka tambaye shi dalili da kyau, domin an fi shekara goma burauzoji suna gane wannan tsarin.

Kanun magana ne ke yanke girman fili

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara yin hoto, daga baya a zauna tunanin abin da za a rubuta. A juye ya kamata a yi. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, kuma a nan kanun shi ne mai rigar.

A ce matashinmu ya zaɓi wannan kanun: "Mazarƙwailar Makarfi, har ƙofar gidanka". Haruffa 39 ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Akwai wani ƙiyasi da masu zane suke amfani da shi, cewa faɗin harafi ɗaya a matsakaici kamar rabin girman rubutun ne. A waya, idan aka sa girman 28, kowane harafi zai ci kamar 14. Faɗin allo 360 ne, a cire 16 a kowane gefe domin kada rubutu ya manne da baki, saura 328. Layi ɗaya zai ɗauki haruffa 22 zuwa 23, kanun namu layi biyu ke nan, tsayinsu a haɗe kamar 68. A ƙara maɓallin "Yi oda ta WhatsApp" mai tsayin 48, wanda shi ne girman da ƙa'idojin zane na Android suke ba da shawara domin yatsa ya taɓa ba kuskure. A ƙara tazarar 16 sau uku, a sama da tsakani da ƙasa. Jimla 164. Cikin akwati mai tsayin 400, idan aka bar kashi 45 cikin ɗari na sama babu komai, an samu 180, ya isa har da ɗan sarari. To ka ga inda lambar ta fito. Ba "a bar wuri" za ka ce wa mai zane ba, cewa za ka yi fiksel 540 na sama cikin 1200 kada komai ya shiga.

A nan akwai abin da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa musamman. Shirye-shiryen shafi da ake saukewa an auna su ne da gajerun kanun Turanci, kalma uku ko huɗu ƙanana. Kalmominmu sukan fi tsayi, jimlolinmu ma haka. Kalmar "Mazarƙwailar" ita kaɗai haruffa 12 ce. Idan aka bar ta da girman 56 da ya dace da kwamfuta, za ta ci kamar 336, ta wuce 328 ɗin da waya take da shi, sai ta karye ko ta fita daga allo. Don haka kada ka yarda a gwada maka zanen da rubutun cike-gurbi na Turanci. Ka ba da ainihin kanunka na Hausa tun ranar farko, a gwada da shi.

A kwamfuta lissafin ya fi sauƙi. Kashi 55 cikin ɗari na hagu, wato fiksel 1056 cikin 1920, a bar shi fili, kanun zai zauna a layi biyu da girman 56 ba matsi. Abin lura ɗaya shi ne ƙananan laftof masu allon 1366 da 768, waɗanda suka cika shagunan buga takardu da hannun ɗalibai, sukan ɗan yanke sama da ƙasan hoton. Saboda haka kayan su nisanci bakin sama da na ƙasa da kamar fiksel 100.

Me ya sa rubutu a hagu, kaya a dama? Ba wani sirri ba ne, boko daga hagu ake fara karanta shi, ido kuma can yake fara sauka. Wanda zai yi shafinsa da ajami ko Larabci sai ya juya tsarin. Amma a sake ɗaukar hoton ne ko a sake jera kayan, kada a juya shi kamar madubi, domin rubutun jikin leda zai koma baibai.

Kada a manna rubutu a jikin hoto

Wannan shi ne wurin da na fi samun saɓani da abokaina masu zane, domin a wajensu haruffa masu inuwa da ƙyalli su ne adon aikin. Amma rubutun da aka manna a hoto ya daina zama rubutu, ya zama zane. Ba ya sake jeruwa idan allo ya canza. Google ba ya ɗaukarsa a matsayin kanun shafi. Manhajar da ke karanta wa makafi allo, irin TalkBack ta Android, ba ta ganinsa. Dattijon da ya ƙara girman rubutu a saitin wayarsa ba zai ga ya ƙaru ba. Idan netwok ya yi rauni hoton bai sauko ba, babu kanu babu lambar waya, shafi ya zama fanko. Sannan ga na aljihu: farashin mazarƙwaila ba ɗaya ba ne a lokacin da ake tsakiyar matsar rake da lokacin da ta yi ƙaranci. Idan farashin yana jikin hoto, duk canji sai ka koma wajen mai zane. Idan rubutu ne na gaske, minti ɗaya ya ishe ka daga wayarka.

Akwai sharaɗi guda da ke biyo bayan wannan, shi ne salon haruffan da za a zaɓa ya kasance yana da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga cikin salailan ado ba su da su. Abin da burauza take yi idan ta rasa harafi shi ne ta aro shi daga wani salon, sai ka ga ƙ ɗin da ke tsakiyar "Mazarƙwailar" ta fi sauran siranta ko ta ɗan karkace, kamar haƙorin Makka a cikin baki. A rubutu ƙanana ba a cika lura ba, amma a kanu mai girma kowa zai gani. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Gwajin ba wuya: a rubuta "ƙoƙari, ɗanɗano, ɓawo" da manya da ƙananan baƙaƙe a salon da ake so, a duba ko duka sun fito da kauri ɗaya.

"Na biya kuɗi, rabin hoton babu komai"

Wannan ƙorafin ba na wauta ba ne, kuma ya kamata a amsa shi da gaskiya. Mun taso da fastoci da kalandu da allunan shaguna waɗanda ake cike kowane lungu nasu: suna, lambobin waya uku, adireshi, hoton mai shago, addu'a a ƙasa. Hotunan talla da ke yawo a WhatsApp ma haka suke, kuma suna da hujja. Irin wannan hoton shi kaɗai yake tafiya daga waya zuwa waya, babu wani shafi a bayansa, dole ya ɗauki komai a jikinsa. Wanda ya cike shi bai yi laifi ba.

Hoton goshi ba haka yake ba. A ƙarƙashinsa akwai shafi guda da zai ɗauki farashi da adireshi da lambar asusu. Aikinsa biyu ne kawai, ya nuna kayan, ya kuma ba kanu wurin zama. Filin da kake gani babu komai ba asara ba ne, shi ne kujerar da rubutun zai zauna. Kuma samar da fili mai tsabta ya fi cike shi wahala, domin yana bukatar a shirya tun wajen ɗaukar hoto.

Inda na yarda da masu son rubutu a jikin hoto shi ne ɗan hoton da ke fitowa idan an tura adireshin shafi a WhatsApp ko Facebook. Wannan hoto na uku ne daban, ana yinsa a 1200 da 630, mai haɗa shafi yana saka shi da alamar `og:image`. Shi kam yana fita yawo shi kaɗai, don haka ana iya rubuta sunan sana'a a kansa da manyan haruffa, a tsakiya, saboda wani lokaci ana yanke shi ya zama murabba'i. Idan kana da hali ka haɗa shi cikin odar. Amma kada a ɗauki ɗaya a ce ya yi aikin ɗayan.

Fili kuma ba ana nufin duk wurin da babu kaya ba. Tabarma mai zane-zane ba fili ba ce. Bangon da rabinsa rana rabinsa inuwa ba fili ba ne, domin farin rubutu zai ɓace a wajen rana, baƙi ya ɓace a wajen inuwa. Gonar rake a bayan faranti tana da kyau a ido, amma ganyenta layuka ne masu haske da duhu da ke cin haruffa. Fili shi ne launi kusan guda daga farko zuwa ƙarshe. Akwai ma'auni a kan wannan: ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, tun bugun 2008, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ga mazarƙwaila, bango mai ruwan madara kamar `#F6EBD9` da rubutu mai ruwan ƙasa mai duhu kamar `#3B2412` suna ba da fiye da 12 bisa 1, kuma launin kayan yana fitowa sosai a kai. Ruwan ɗorawa a kan fari, wanda masu zanenmu suke ƙauna, bai kai ko 2 ba. Ni shawarata a wuce mafi ƙarancin ma'aunin da nisa, saboda mai sayenka ba a ofis mai labule yake ba, yana iya kasancewa a bakin titi da tsakar rana, da gilashin kariya da ya sha ƙura.

Wannan ya shafi kowane irin kaya. Mai tumatir a Ikara kada ya ɗora jan tumatir a kan jan kwando sannan ya nemi jan kanu. Mai inabi a Kudan, idan ya ɗauki hoton a cikin gona, ya nemi gefen da sararin sama ya buɗe ko ya riƙe wani abu mai launi guda a baya.

Ranar ɗaukar hoto

Tunda yawanci da waya za a ɗauka, ga abin da ke raba hoton da zai yi aiki da wanda za a sha wahalar gyarawa. A samu farin kwali babba ko yadi marar zane, a jingina rabinsa da bango rabinsa a ƙasa, ya lanƙwasa ba tare da karyewa ba, domin kada a ga layin da bango ya haɗu da ƙasa. A yi a inuwa mai haske, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, ba cikin rana tsaka ba, kuma a kashe fitilar kyamara. A kunna layukan raba allo a saitin kyamara, waɗanda ke raba shi gida tara. A ɗauki na kwance, kayan suna cikin kason dama na ukun. Sannan a miƙe wayar a ɗauki na tsaye, kayan suna rabin ƙasa.

Abin da aka fi mantawa shi ne a ja da baya. Hannu yana son matsawa kusa domin kaya su cika allo, amma filin da ba a ɗauka ba babu inda za a samo shi sai dai a ƙirƙira, kuma ƙirƙirarren bango yakan nuna tabo a daidai inda rubutu zai zauna. Hoto mai megafiksel 12 yana da 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, ya ninka abin da ake bukata, don haka akwai rarar da za a yanke. Wajen turawa mai zane kuma a tura shi ta `Document` a WhatsApp. Idan aka tura ta hanyar hoto da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage girmansa, kuma lalacewar a fili mai launi guda take fara bayyana, kamar dabbare-dabbare.

Sai nauyi. Hoton da ya fito kai-tsaye daga kyamara yana iya kai megabait 3. A layin da ke ba da megabit ɗaya a daƙiƙa, irin wanda ake samu idan an yi nisa da eriya ko jama'a sun yi yawa ranar kasuwa, saukar da shi daƙiƙa 24 ne. Hoto mai kilobait 100 kuwa bai kai daƙiƙa ɗaya ba a layin guda. Google, a ma'aunan da ya fitar a 2020, ya ɗauki daƙiƙa 2.5 a matsayin iyakar lokacin da ya kamata abu mafi girma a saman shafi ya bayyana, kuma a shafi irin wannan abin nan shi ne hoton goshi. Ban da lokaci akwai kuɗi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa yana lura da abin da ke cinye masa data. Mai megabait 100 zai buɗe hoto mai megabait 3 sau 33 ne kawai ta ƙare. Ni abin da nake ba da shawara shi ne na waya kada ya wuce kilobait 100, na kwamfuta 200, a tsarin WebP. A nan fili yana yi maka aiki na biyu, domin launi guda ya fi matsuwa a kan tarkace, hoto mai rabin fili ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shafin `squoosh.app` yana yin wannan matsin kyauta daga burauzar waya, yana nuna maka kafin da bayan a gefe da gefe.

Idan aka tattara, saƙon da matashinmu na Paki zai tura wa mai zane ba zai wuce haka ba: "Salam Malam, ina son hoton saman shafi guda biyu, babu rubutu ko tambari a jikinsu. Na waya 1080 da 1200, kaya a ƙasa, 540 na sama fili. Na kwamfuta 1920 da 800, kaya a dama, 1056 na hagu fili, kuma kayan su bar 100 daga sama da ƙasa. Filin ya zama launi guda, ruwan madara. WebP, na waya kada ya wuce kilobait 100, na kwamfuta 200. Ga kanun da za a ɗora, ka gwada da shi ka turo mini in gani, amma ka cire shi a wanda za ka miƙa. Ka haɗo mini da asalin fayil ɗin." Mai zanen kirki zai ji daɗin irin wannan saƙon, domin ya rage masa zuwa da dawowa, kuma idan an samu saɓani akwai abin da za a auna. Maganar asalin fayil kuma ka yi ta tun kafin a fara, saboda wasu suna cajin ta daban, kuma haƙƙinsu ne.

Kafin ka biya cikon kuɗi, kada ka duba aikin a laftof ɗin mai zane, kada kuma ka wadatu da hoton allo da ya turo. A ɗora a shafin, ka buɗe da wayarka da datarka. Ka ɗora yatsa a kan kanun ka danne: idan kalma ta yi shuɗi ta ba ka damar kwafa, rubutu ne na gaske, idan kuwa `Download image` ya fito, an manna shi. Ka kwantar da wayar ka ga ko farantin yana nan. Ka shiga menu na Chrome ka taɓa `Desktop site` domin ka ga kusan abin da mai kwamfuta zai gani. Ka fita rana ka karanta. Sannan ka ari wayar da ta fi kowacce tsufa da ƙaramin allo a gidanku, ka maimaita duka a kanta, ka ƙirga daƙiƙoƙin da hoton ya ɗauka kafin ya bayyana. Idan ka kai biyar kana kallon fanko a inda sauran shafuka suke buɗewa lafiya, ka tambayi mai haɗa shafin nauyin fayil ɗin da ya ɗora, ka kuma tambaye shi ko ya sa wa hoton `loading="lazy"`, domin wannan umarnin na hotunan ƙasan shafi ne, a hoton goshi jinkiri kawai yake ƙarawa.